Inshorar ɗan acaɓa: takarda na aljihu, amma kamfani ya ce ba zai biya ba

Lamarin da zan warware na wani matashi ne ɗan acaɓa da ke tuƙa mashin ɗin da bai gama zama nasa ba. Maigidansa ne ya sayo shi sabo fil ya ba shi a kan yana kawo balas duk mako, ranar da ya cika adadin da aka yanka mashin ya zama nasa. Ba zan sa suna ba, kuma lambobin da za ku gani na misali ne don lissafi ya fito, kowa ya ɗora su a kan kuɗin da ake kashewa a inda yake.

Abin da ya sa na zaɓi wannan lamarin shi ne maigidan bai yi irin sakacin da aka saba gani ba. Ya yi inshora, kuma ba ƙaramar nan ta nuna wa jami'an hanya ba wadda ake kira tad fati, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. Babbar ya yi, kwamfirihensif, wadda ta haɗa da gyaran mashin ɗin kansa da gobara da sata. Takardar kuma ta gaske ce ba jabu ba, kamfani mai rajista, an biya kuɗi an karɓi rasit. Shekara ta zagayo ya sabunta. Yaron nan kullum satifiket ɗin na cikin leda a ƙarƙashin sit, hankalinsa kwance.

Inda aka samu matsala tun ranar cike fom ne. Akwai gurbin da ake tambayar me za a yi da abin hawan, ejen ya ce masa na gida kuɗinsa kaza, na haya ya fi tsada sosai. Maigida ya ce "rubuta na gida mana, mashin ai mashin ne." Ejen da ke son kamashonsa bai ja da shi ba, ya rubuta, maigida ya sa hannu. Shi kenan fa.

A wata na 14 da sayen mashin, da yamma bayan an ɗauke ruwa titi na santsi, yana ɗauke da fasinja ɗaya, motar gabansa ta taka birki a mahaɗa shi kuma ya matse ta da yawa, ya daki bayanta. Laifinsa ne, ba wani ja. Asara ta rabu gida huɗu kuma ina so ku riƙe su daban-daban don kowace da ƙofar da take shiga a inshora. Motar mutane bamba da but da fitilar baya sun tashi 180,000. Fasinja ya karye a ƙauri, asibiti ya ci 150,000 kafin a zo maganar zaman da zai yi ba aiki. Mashin ya ci gyaran 240,000. Shi kuma ɗan acaɓan ya karye a tsintsiyar hannun dama, hannun totur, likita ya ce mako 8 kada ya taɓa mashin.

A wurin kuma an yi abin da kusan kowa ke yi in jama'a sun taru ana hayaniya. Mai mota ya ce sai an rubuta, yaron ya sa hannu a takardar cewa laifinsa ne kuma za su gyara. 'Yan uwansa 'yan acaɓa suka tura mashin zuwa wajen bakanike, washegari an kwance gaban gaba ɗaya. Maigida bai tuna da kamfanin inshora ba sai bayan mako 3 da kuɗin asibiti suka fara cinsa. Duk ukun nan saɓa sharaɗi ne. Kusan kowace folisi, wato takardar yarjejeniyar inshora, ta ce kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da izinin kamfani ba, kada a fara gyara sai mai kiyasta ɓarna nasu ya gani, kuma a sanar da su nan take ko cikin 'yan kwanakin da aka rubuta. Amma gaskiya ba su ne suka kashe kilem ɗin, wato neman kamfani ya biya, ba, irin waɗannan sau da yawa ana yin ciniki a kansu in akwai hotuna da rahoton 'yan sanda.

Rahoton 'yan sandan ne ma ya kashe shi. A ciki an rubuta sana'ar mai tuƙi acaɓa, kuma fasinjan da ya karye ya faɗa da bakinsa cewa tare ɗan acaɓan ya yi a hanya suka yi ciniki. Jami'in kilem bai sha wahala ba, ya ɗauko satifiket ya nuna wa maigida wani layi a ƙasa, wurin da aka rubuta iyakar amfani: zirga-zirgar kai da ta iyali, ban da ɗaukar mutum ko kaya don a biya. Ya ce masa "Alhaji, wannan mashin ɗin a lokacin da abin ya faru yana aikin da ba mu ɗauki nauyinsa ba." Maigida ya ce ai kwamfirihensif ya yi, komai da komai. Jami'in ya ce eh, komai da komai na mashin ɗin gida.

Mutane na ganin wannan kamar dabara ce kawai ta guje wa biya, ni kuma a nan dai ina ganin kamfani na da hujja. Kuɗin inshora ana yanka shi ne a kan yawan haɗarin da abin hawa ke shiga. Mashin ɗin ma'aikaci ya je ofis ya dawo, sauran wuni yana fake. Na ɗan acaɓa tun asuba yana titi har dare, cikin cunkoso, da baƙon mutum a baya wanda in ya ji rauni zai nemi diyya. Wanda ya biya kuɗin na farko yana aikin na biyu, a wurinsu ya ɓoye abin da da sun sani da ba su karɓa a wannan farashin ba, kuma inshora gaba ɗayanta a kan faɗar gaskiya a fom aka gina ta. Inda nake ganin laifin ɓangarensu shi ne ejen ɗin da ya ga sabon mashin da matashi tsaye a gefe, ya san sarai me za a yi da shi, ya yi shiru. Sai dai sa hannun da ke kan fom na maigida ne.

Gyaran mashin dai an ƙi shi kai tsaye. Motar mutane ita ma maigida da yaron suka raba. Maganar fasinja ta ɗan fi rikitarwa: akwai ƙasashen da dokarsu ke tilasta wa kamfani ya biya wanda ya ji rauni ko da mai folisi ya saɓa sharaɗi, don kada marar laifi ya tashi a tutar babu, amma daga baya kamfanin yana da damar juyowa ya karɓi kuɗinsa daga hannun mai folisin. Wato ko an biya fasinja, bashin yana dawowa gida. A wannan lamarin sulhu aka yi da dangin fasinjan, aka biya daga aljihu.

Yanzu bari mu ɗauka maigida ya yi abin da ya dace, ya yanki ta haya. Nawa za a ba shi a gyaran 240,000 ɗin? Don a nan ma akwai mamaki, da yawa suna zaton ana miƙa takardar bakanike a ƙirgo kuɗin cif.

Mai kiyasta ɓarna zai bi lis ɗin bakanike ɗaya bayan ɗaya. Fok biyu da suka lanƙwashe, rim ɗin gaba, fitila, madigadi, kan mashin, tankin da ya loma, duk waɗannan haɗari ne ya jawo su. Amma bakanike ya cusa sarƙa da sifaroket da faifan kuloci, wai tunda an kwance a gyara gaba ɗaya, kuɗinsu 40,000. Za a soke su, don cinyewa ce ta yau da gobe, kuma inshorar abin hawa ba ta biyan tsufa ko lalacewar inji da ba karo ne ya kawo ta ba. Saura 200,000. Tayar gaba ta fashe a karon, sabuwa 20,000, amma wadda ta fashe ta riga ta ci rabin rayuwarta, to za su ce rabi za su biya tunda ƙa'idar ita ce a mayar da kai inda kake kafin haɗari, ba a sabunta maka kaya ba. Saura 190,000. Sai ekses, wato kason da kai za ka ɗauka a kowane kilem. Mu ce folisin ta rubuta kashi 10 cikin 100 ko 25,000, duk wanda ya fi yawa. Kashi 10 na 190,000 shi ne 19,000, bai kai ba, don haka 25,000 za a cire. Abin da zai shigo hannu 165,000, sauran 75,000 daga aljihu. Ba laifi, ya fi babu nesa ba kusa ba, amma ka ga duk ɓarnar da ba ta wuce 25,000 ba, irin fashewar madubi da fitila da ɗan acaɓa ya fi gamuwa da ita, babu ma amfanin kai ta.

Motar mutane za a biya ta matuƙar 180,000 bai wuce silin ba, wato iyakar kuɗin da aka rubuta kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wasu. Wannan silin ɗin a duba shi da kyau, a folisin mashin yakan zama ƙarami, kuma in tsautsayi ya haɗa ka da babbar mota mai tsada fitila ɗaya ma na iya cinye shi, abin da ya haura kai ne za ka cika. Fasinja kuma sai in folisin ta ambace shi. Kada ka ɗauka kalmar haya kaɗai ta wadatar, akwai folisin kasuwanci da aka yi don masu kai saƙo da kaya, babu fasinja a cikinta sam. Abin da kake nema shi ne layin da ya ce an ɗauki nauyin fasinja mai biyan kuɗi, mutum nawa, kuma har zuwa nawa.

Sai asara ta huɗu, wadda ita ce ta fi ci min rai a lamarin nan. Hannun yaron. Ko da an yi ta haya, ko da kwamfirihensif ce mai kyau, inshorar abin hawa a asalinta tana kallon abu biyu ne: ƙarfen, da kuma mutanen da ka cutar. Mai tuƙi ba ya cikin mutanen da aka cutar tunda shi ne ya yi ɓarnar. Wasu folisin suna liƙa ɗan abin asibiti kaɗan, wanda hoton ƙashi da ɗauri kawai sun cinye shi. Mako 8 ɗin da zai yi a zaune ba ko sisi, ga balas na taruwa, wannan kam babu shi kwata-kwata, rashin samun kuɗin shiga na cikin abubuwan da ake cirewa ƙarara. Da mai motar ne da laifi da sai ya bi inshorar motar ya nemi diyya, amma shi ya daki baya.

Abin da ke rufe wannan ramin inshora ce daban, ta haɗarin jiki, wani lokaci ana ƙara ta a kan ta mashin, wani lokaci ƙungiyar 'yan acaɓa ke yankar ta a dunƙule don ta fi sauƙi. Ita ma sai an karanta. Da yawansu mutuwa da nakasa ta dindindin kawai suke biya, bisa wani jadawali: rasa rai cikakken kuɗin, rasa hannu ko ƙafa ko ido wani kaso. Karayar da za ta warke ba nakasa ta dindindin ba ce, don haka yaron nan da irin wannan ya yanka da babu abin da zai samu. Wanda zai amfane shi shi ne sashen kuɗin asibiti da sashen biyan mako-mako na wanda rauni ya hana shi aiki na ɗan lokaci. Shi ma na mako-makon yawanci akwai kwanakin farko da ba a lissafawa, in mako 1 ne to a mako 8 za a biya 7, kuma sai da takardar likita, wanda ya tafi wajen mai ɗori kawai bai taka asibiti ba zai rasa hujjar da zai nuna. Wani abin dariya kuma, akwai inshorar haɗarin jiki ta gama-gari da ta cire hawa babur gaba ɗaya daga abin da take biya. A sayar wa ɗan acaɓa wannan, wallahi ana yi.

Bari in taɓo sata a gurguje tunda ita ce ta fi tsorata masu mashin. Da sace shi aka yi a wata na 14 ɗin, ba kuɗin sabo za a biya ba, darajarsa a kasuwa ranar da aka sace za a duba. An saye shi 1,000,000, yanzu mu ce 700,000, a cire ekses kashi 10, saura 630,000. Kuma sunan wa ke kan folisi? Maigida. Shi za a ba. In yarjejeniyarsu 1,400,000 ce yaron ya biya 800,000, saura 600,000, to adalci shi ne maigida ya cire 600,000 ya miƙa masa 30,000, amma in ba a rubuta haka a yarjejeniya ba kamfani ba ruwansa da yaron, bai san shi ba. Sannan sata tana da nata tarkon: in an bar makulli a jiki, in folisi ta sharɗanta taraka, wato na'urar bin diddigin inda mashin yake, amma ba a sa ba ko kuɗinta ya ƙare ta daina aiki, ko kuma wanda aka danƙa wa mashin ɗin da hannu ne ya gudu da shi. Wannan na ƙarshen ya kamata masu ba da mashin balas su sani, folisi da yawa ba sa ɗaukarsa a matsayin satar da suke biya. Kamun hukuma ma haka, in an kwace mashin don ya shiga titin da aka hana acaɓa, ba a biya. Tarzoma da ambaliya kuma a wurare da dama sai an saye su a matsayin ƙari.

To me za ka duba kafin ka ba da kuɗinka? Ni dai shawarata kada ka fara da farashi, fara da cewa a ba ka cikakkiyar folisin ka gani, ba satifiket mai shafi ɗaya ba. Satifiket shaida ce kawai, sharuɗɗan da abubuwan da aka cire suna cikin ɗaya takardar, kuma ejen da ya ce sai ka biya za ka gan ta, tashi ka bar shi. In karatun ya yi maka nauyi tafi da wanda zai karanta maka. Layin iyakar amfani shi ne na farko, sai layin waɗanda aka yarda su tuƙa. Wata folisin mai ita kaɗai ta sani, wata ta ce duk wanda ya ba izini muddin yana da lasin. In sunanka ba ya ciki kuma ba a buɗe ta ba, to kai baƙo ne a kanta. Haka in kana ba ƙaninka mashin ya yi aikin dare. Lasin ɗin ma ya zama na ajin babur ne kuma bai mutu ba, lasin mota ba ya tsaya maka, kuma wasu kamfanonin suna ƙara ekses in mai tuƙin matashi ne ko sabon lasin.

Ka haɗa lambar sasi da lambar inji da lambar filet da ke takarda da waɗanda ke jikin mashin, harafi ɗaya ya kuskure zai zama rigima ranar kilem, kuma in ka canza inji ka sanar a gyara. Ka tabbatar da takardar daga kamfanin kansa ko hukumar da ke kula da inshora, ba daga bakin ejen ba, don jabu sun yi yawa a harkar babura. In biya kaɗan-kaɗan ne ta waya, tambayi me ke faruwa ranar da ka tsallake, wasu a ranar kariya ke tsayawa. Masu aiki da manhajar kiran mashin su ma su tambaya, don inshorar da kamfanin manhaja ke bayarwa galibi tana aiki ne a kan tafiyar da aka karɓa ta cikin manhaja, fasinjan da ka tsinta a bakin titi ka kashe waya ba ya ciki. Wanda kuma ya fi natsuwa da takaful, wato inshora ta tsarin Musulunci, tsarin kuɗinta ne ya bambanta, amma waɗannan sharuɗɗan na amfani da lasin da ekses suna nan a cikinta, ita ma a karanta. Duk amsar da ejen ya ba ka da baki ka ce ya nuna maka layin.

Su dai mutanenmu bayan hannu ya warke sun zauna sun sake lissafi. Maigida ya yanki folisin haya da sunan yaron a matsayin mai tuƙi, an ƙara sashen fasinja, kuɗin da ya ƙaru suka raba shi a cikin balas, kuma aka rubuta yadda za a raba kuɗi in an sace mashin ko ya lalace gaba ɗaya. Yaron ya shiga ta haɗarin jiki mai biyan mako-mako. Da aka kawo sabuwar takardar sai ga wani layin da bai yi masa daɗi ba: fasinja ɗaya, kuma sashen raunin jiki ya sharɗanta hular kwano, ban da maye ko ƙwaya. Ya ce wa maigida "Oga, to in na ɗauki biyu fa, ko mace da ɗanta?" Amsar ita ce a wannan tafiyar ya wuce adadin da aka ɗauki nauyi, kuma kamfani na iya tsayawa a kan wannan ya ƙi biya ko ya rage, kamar dai yadda ya tsaya a kan maganar haya. Jami'in kilem kuma ba sai ya je wurin ba, adadin mutanen da aka kwasa zuwa asibiti yana cikin rahoton 'yan sanda.